Jadawalin Bikin Yaye Ɗalibai Daga Buɗe Ƙofa Zuwa Tashi

Duk bikin yaye ɗalibai da aka shirya da kyau yana da takardu biyu. Ta farko ita ce ƙasidar da ake raba wa baƙi, mai ɗauke da hotunan manya da jerin abubuwan da za a yi ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu kuwa ba kowa ke ganinta ba, tana hannun ma'aikatan bikin ne kawai. A cikinta aka rubuta ƙarfe nawa da minti nawa kowane abu zai fara, tsawon lokacin da zai ɗauka, wanda ke da alhakinsa, da alamar da za a ba shi ya motsa. Ƙasidar baƙi za ta ce jawabin shugaban jami'a ne ke biye da addu'a. Jadawalin ma'aikata kuwa zai ce jawabin zai fara 10:20, ya ƙare 10:32, a kan mumbarin dama, kuma kafin ya sauka layin farko na ɗalibai ya riga ya shirya tashi.

Amfanin wannan jadawali ya taso ne daga yadda sassan bikin uku, wato isowa da zama da jawabai, suke rataye da juna. Idan ƙofa ta cushe, zama ba zai kammala ba. Idan zama bai kammala ba, jerin gwanon malamai ba zai shigo ba, kuma duk mintin da aka rasa a nan, jawabai ko kiran sunayen ɗalibai ne za su biya shi daga baya. Don a ga yadda lissafin ke tafiya, za a ɗauki misalin wata ƙaramar jami'a a arewacin Najeriya mai yaye ɗalibai 600 daga tsangayoyi shida, wadda ta ba kowane ɗalibi katin gayyata biyu, wato ana sa ran baƙi 1,200.

Lokuta biyu da ba sa motsi

Ana fara gina jadawali ne da tsayar da lokuta biyu: lokacin da jerin gwano zai shigo, da lokacin da dole a tashi. Duk abin da ke gabanin shigowar, daga ita ake ƙirga shi a koma baya. Duk abin da ke bayanta kuma sai ya samu wuri tsakaninta da lokacin tashi.

A ƙasar Hausa, sallar azahar da zafin rana su ne suka fi yanke lokacin tashi. Taron da ya wuce ƙarfe ɗaya yakan fara zubewa, domin mutane za su riƙa sulalewa zuwa alwala, su bar babban baƙo yana yi wa kujeru jawabi. Idan a fili za a yi ƙarƙashin rumfuna, tsakanin Maris da Mayu zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga ɗalibai sanye da rigar yaye a kan tufafinsu. Da damina hadarin yamma ne abin gudu, da hunturu kuwa hazo kan hana jirgin da ya ɗauko manyan baƙi sauka a kan lokaci. Saboda haka a wannan misali an tsayar da shigowa ƙarfe 10:00, tashi 12:30. Minti 150 ke nan, kuma babu sauran abin da za a yi da su sai rabawa.

Isowa: abin da ƙofa ke iya ɗauka

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta wa kowa lokaci ɗaya a katin gayyata. Ɗalibai da iyaye da malamai da manyan baƙi kowannensu yana da aikin da zai yi kafin ya zauna, don haka kowane rukuni yana buƙatar lokacinsa da ƙofarsa.

Ɗalibai ne na farko, ƙarfe 7:30, kuma ba a zauren taro za su taru ba, sai a wani fili na kusa. Rigar yaye da hula tun jajibere aka raba su, domin rabon riga da safiyar biki yana cin fiye da awa guda. Ana ajiye tebur shida, ɗaya ga kowace tsangaya. Idan duba suna da miƙa kati yana ɗaukar sakan 20, tebur mai ɗalibai 100 zai gama cikin kusan minti 34. Shi ya sa ake ware minti 45, daga 7:30 zuwa 8:15, don masu makara da waɗanda aka rubuta sunansu ba daidai ba.

Ƙofar iyaye kuwa ana buɗe ta ƙarfe 8:00. Jami'in tsaro mai duba kati da jaka yana sallamar mutum ɗaya a kusan sakan 10, wato mutum shida a minti. Layi huɗu za su shigar da mutum 24 a minti, baƙi 1,200 kuma su shige cikin minti 50. A takarda wannan ya wadatar, amma mutane ba sa zuwa a jere daidai wa daida. Idan rabinsu, mutum 600, suka iso a minti 20 na ƙarshe, layi huɗu mutum 480 kaɗai za su iya ɗauka, 120 su rage a waje suna turereniya daidai lokacin da motocin manya ke shigowa. Maganin abin shi ne a ƙara layuka su zama shida daga ƙarfe 9:10, waɗanda za su iya shigar da mutum 720 a minti 20, kuma a tabbatar akwai jami'ai mata a layukan mata. A katin iyaye ana rubuta cewa za a rufe ƙofa 9:40, ba a rubuta 10:00 ba. Da yake iyali ɗaya kan taho da mutum bakwai ko takwas a kan kati biyu, ana tanadar rumfa a waje mai lasifika, don waɗanda ba su da kati su samu inda za su zauna ba tare da sun tare ƙofa ba.

Manyan baƙi suna isowa ne daga ƙarami zuwa babba, mafi girman muƙami shi ne na ƙarshe. Ana sauke su a ɗakin sa riga tsakanin 9:15 da 9:45. A jami'o'in tarayya shugaban ƙasa ne mai ziyarar jami'a, a na jihohi kuma gwamna, sannan uban jami'a galibi sarki ne. Isowar sarki ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai dogarai da fadawa da masu algaita da kakaki, kuma daga fitowarsa mota zuwa zamansa ana iya cin minti 10 ana gaisuwa da kirari. Jadawalin da ya ba wannan minti biyu ya yaudari kansa.

Zama: lamba ɗaya a wuri uku

Tsarin zaman ɗalibai shi ne ke tafiyar da kiran sunaye daga baya, don haka ba a barin kowa ya zauna kusa da abokinsa. Ɗalibai 600 ana jera su sahu 30, kowane sahu kujera 20, sahu biyar ga kowace tsangaya. Kowane ɗalibi yana da lamba guda wadda ke kan katin hannunsa, da bayan kujerarsa, da takardar mai kiran suna. Muddin waɗannan ukun sun dace, wanda aka kira shi ne zai hau dandamali.

Daga 8:15 zuwa 8:40 ake jera su bisa lamba, sannan su shigo bibbiyu daga 8:45. Idan kowane biyu suna wuce ƙofa a sakan uku, duka 600 za su wuce cikin minti 15, amma ana ba su minti 25 saboda shiga sahu da gyara riga. Ƙarfe 9:10 ya kamata a ce duk sun zauna. Daga nan mai kula da kowane sahu zai ƙirga kujerun da babu kowa, ya kai lambobin ga teburin magatakarda kafin 9:30, a soke sunayen daga takardar kira. Idan aka tsallake wannan mataki, ɗalibi ɗaya da bai zo ba ya isa ya sa a kira kowa da sunan na gabansa har ƙarshen tsangayar. Wasu makarantu suna kauce wa haka ta hanyar sa ɗalibi ya miƙa katinsa ga mai kira a bakin matakala, a karanta sunan daga katin. Wannan hanya tana kuma ba ɗalibi damar rubuta yadda ake furta sunansa.

Babban tebur yana da nasa lissafin. Ana manna sunan kowa a kujerarsa, kuma jerin gwano yana bin tsarin kujerun, ta yadda ba wanda zai ƙetara gaban wani. Ƙananan malamai ne ke gaba, sai farfesoshi da shugabannin tsangayoyi, sai manyan jami'ai da 'yan majalisar gudanarwa, sannan mai ɗauke da sandar jami'a a gaban uban jami'a. A wajen fita ana juya tsarin, manya su fara fita. Ana barin kujeru kaɗan marasa suna a sahun gaba don baƙon da ba a zata ba, a shimfiɗa darduma inda fadawa za su zauna kusa da sarki, a kuma ware gefen da ya fi kusa da ƙofa ga tsofaffi da masu keken guragu. Ƙarfe 9:15 ake mayar da wutar zauren kan janareta, ko da akwai wutar gari, don kada ɗaukewarta ta yanke makirufo a tsakiyar jawabi.

Rabon minti 150

Abin da ya fi cin lokaci shi ne kiran ɗalibai, don haka shi ake fara cirewa. Idan kowane ɗalibi ya ɗauki sakan shida daga kiran sunansa zuwa kiran na bayansa, 600 za su ci minti 60 cif. A ƙara minti ɗaya ga kowane shugaban tsangaya da zai gabatar da ɗalibansa, ya zama 66. Idan kuwa aka bar kowa ya tsaya hoto har sakan 10, lissafin ya koma minti 100. Wannan ne ya sa manyan jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, masu yaye dubbai, ba sa iya kiran kowa da sunansa. A irin wannan yawa ɗaliban tsangaya kan miƙe gaba ɗaya a tabbatar musu da digiri a dunƙule, zakaru kaɗai su hau dandamali. A misalin nan an zaɓi kiran kowa, saura minti 84 ga komai da komai. Ga yadda aka raba su:

10:00 zuwa 10:10, shigowar jerin gwano, kowa a tsaye.
10:10 zuwa 10:13, taken ƙasa.
10:13 zuwa 10:17, addu'o'in buɗewa.
10:17 zuwa 10:20, magatakarda ya gayyaci uban jami'a ya buɗe taro.
10:20 zuwa 10:32, jawabin shugaban jami'a.
10:32 zuwa 10:38, jawabin shugaban majalisar gudanarwa.
10:38 zuwa 10:40, gyara dandamali, sahun farko ya isa matakala.
10:40 zuwa 11:46, gabatar da ɗalibai da kiran sunaye.
11:46 zuwa 11:56, kyaututtuka ga zakaru 20.
11:56 zuwa 12:01, jawabin wakilin ɗalibai.
12:01 zuwa 12:11, jawabin babban baƙo.
12:11 zuwa 12:15, rufe taro da addu'a da taken ƙasa.
12:15 zuwa 12:20, fitar jerin gwano.
12:20 zuwa 12:30, rarar lokaci.

Minti 10 na ƙarshe ba a rubuta su a ƙasidar baƙi, kuma ba a gaya wa masu jawabi cewa suna nan. Minti biyun da ke tsakanin jawabai da kiran sunaye su ma suna da aiki, domin ɗauko teburin takardu da sauya makirufo da tafiyar sahun farko duk suna cin lokaci, kuma irin waɗannan ƙananan giɓoɓi ne ake mantawa da su har su taru su zama rubu'in awa.

A lokacin kira, sahu biyu ne ke tsaye koyaushe: ɗaya yana hawa, ɗaya yana jira a ƙasa. Mai kula da sahu yana tayar da na gaba da zarar an kira mutum na goma a sahun da ke hawa. Ɗalibai suna hawa ta dama su sauka ta hagu, su zagaya su koma kujerunsu ta ɗaya bakin sahun, don kada masu dawowa su haɗu da masu tafiya. Mai hoto ɗaya aka yarda ya tsaya gaban dandamali, a wurin da aka yi masa alama a ƙasa.

Jawabai: ƙirgen kalmomi kafin ranar

Faɗa wa mai jawabi cewa minti shida gare shi ba ya hana shi yin goma sha biyar. Abin da ke aiki shi ne a mayar da mintin zuwa kalmomi. Mai karanta jawabi a natse gaban taro yana yin kalmomi kusan 120 a minti, don haka minti 12 na shugaban jami'a bai wuce kalmomi 1,400 ba, minti shida kuma kusan 700. Ana karɓar rubutattun jawabai kwana biyu ko uku kafin biki a ƙirga su. Wanda ya yi tsawo sai a buga shi cikakke a cikin ƙasida, a karanta taƙaitaccensa. Idan za a taƙaita wani jawabi da Hausa saboda iyayen da ba sa jin Turanci, wannan ma sai an ba shi layinsa a jadawali.

Jero sunayen manya a farkon jawabi shi ne ɓarawon lokacin da ba a cika lura da shi ba. Ambaton gwamna da sarakuna da 'yan majalisa da kwamishinoni ɗaya bayan ɗaya yana kai minti biyu, kuma idan masu jawabi huɗu kowa ya maimaita, an ci minti takwas daga cikin 33 da aka ware wa jawabai. Shi ya sa ake shirya cewa mai jawabin farko ne zai jero su duka, sauran su ambaci biyu ko uku na sama su ce sun tsaya a kan gaisuwar da ta gabata. Haka nan ba a buɗe ƙofar saƙonnin fatan alheri daga cikin taro, domin wanda aka ba makirufo ba shiri ba shi da takardar da za ta tsayar da shi.

Mai gabatarwa ba shi ne mai riƙe da agogo ba. Hankalin mai gabatarwa yana kan taro, don haka ana zaunar da wani daban a ƙasan dandamali inda mai jawabi ke ganinsa, da kati biyu a hannu, ɗaya na saura minti biyu, ɗaya na lokaci ya cika. Wannan yana aiki ga wakilin ɗalibai da jami'an makaranta. Ba a ɗaga wa gwamna ko sarki kati. Da hadimansu ake daidaita tsawon jawabin tun kafin ranar, kuma ajiye babban baƙo a ƙarshe, kusa da rarar lokaci, yana sa ƙarin da zai yi bai taɓa kiran ɗalibai ba.

Yadda ake gane an fara zamewa

Jadawali mai kyau yana da wuraren awo, inda ake kwatanta agogo da takarda. Na farko ƙarfe 9:10 ne: idan har yanzu akwai ɗalibai a tsaye, ƙirgar kujeru za ta makara. Na biyu 9:40, tsawon layin ƙofa. Na uku 9:45, inda ake tambayar hadiman babban baƙo ainihin inda motarsa take. Na huɗu shi ne sunaye 20 na farko, waɗanda ya kamata su ƙare cikin minti biyu. Idan suka ɗauki minti biyu da sakan 40, kowane ɗalibi yana cin sakan takwas ke nan, kuma kiran zai kai minti 80 maimakon 60. Gyaran yana hannun mai kira: ya ambaci suna na gaba da zarar ɗalibi ya miƙa hannu, kada ya jira ya sauka, a kuma roƙi iyaye su riƙe tafi da guɗa zuwa ƙarshen kowace tsangaya.

Makarar babban baƙo ita ce matsalar da aka fi fuskanta, kuma tun kafin ranar ake yanke wanda zai ba da umarni da abin da za a rage. Idan baƙon gayyata ne kawai, ana iya farawa a shigo da shi a giɓin da ke tsakanin abubuwa biyu, ba a tsakiyar jawabi ba. Idan kuwa yana cikin jerin gwano, sai an jira shi. A ce ya makara minti 25, aka shigo 10:25. Rarar lokaci ta ɗauke 10. Jawabin shugaban jami'a ya koma minti takwas, an samu huɗu. Na shugaban majalisa ya koma uku, an samu uku. Zakaru su hau tare a yi hoto ɗaya, an samu biyar. Wakilin ɗalibai ya yi minti uku, an samu biyu. Jimilla 24, taron zai tashi 12:31. Kiran sunaye ba a taɓa shi, domin sakan shidan nan ne iyaye suka yi tafiya don gani. Wannan ragi yana yiwuwa ne kawai idan kowane mai jawabi ya zo da alamar sakin layin da zai tsallake.

Gwaji da fita

Ana gwada jadawalin ne a jajibere, a zauren da za a yi bikin, da agogo a hannu. Ana auna tafiyar jerin gwano daga ɗakin sa riga zuwa dandamali, a kira sahu biyu na ɗalibai a ga sakan nawa suke ci, a saurari kowane makirufo daga kujerar ƙarshe. Duk adadin da gwaji ya ƙaryata, a daren ake gyara shi, a sake buga takardar da kwanan wata da lokaci a samanta, a karɓe tsofaffin kofe. Mai gabatarwa da magatakarda da shugaban masu tsaro da mai kula da sauti da masu kula da sahu duk kofi iri ɗaya ya kamata su riƙe.

Fita ma tana cikin jadawali. Kafin taken ƙasa na ƙarshe mai gabatarwa zai sanar cewa kowa ya tsaya a wurinsa har jerin gwano ya fita, kuma direbobin manya suna jera motoci tun 12:00, lokacin da wakilin ɗalibai ke kan mumbari. Bayan manya, ɗalibai ke fita sahu-sahu ta wata ƙofa daban zuwa filin da aka kafa wa kowace tsangaya allonta, inda iyaye za su same su a yi hotuna. Sai a buɗe duk ƙofofin zauren ga baƙi. Teburan mayar da riga suna nesa da ƙofar fita, suna buɗe har la'asar, don kada layinsu ya toshe hanyar masu zuwa masallaci da masu neman motocinsu.